Hoton gwaji na allon shago da allon talla: mahanga, hasken rana da kayan haɗi

Hoton gwaji shi ne hoton da mai zane yake haɗawa a kwamfuta don a ga yadda sunan sabon kamfani da tambarinsa za su zauna a goshin shago, ko a babban allon talla na bakin titi, tun kafin a sayi ƙarfe ko a buga komai. Ana ɗaukar hoton wurin, a ɗora zanen a kai, a gyara shi har ya yi kamar an riga an kafa allon. Mai shago yana dubawa ya ce a ci gaba ko a sauya, mai haɗa allo kuma yana dubawa ya san abin da ake so ya ƙera. Ga sabon suna wannan mataki ya fi nauyi, domin tsohon kamfani ana gane shi da launinsa ko da rubutun bai fito ba, amma sabo ba shi da wannan gatan. Dole sai an karanta sunansa harafi bayan harafi.

Hotunan gwaji iri biyu ne. Akwai waɗanda ake saukewa a shirye daga intanet: titi mai tsafta a wani birnin Turai, bango fari tas, haske mai laushi, da gurbi da aka bari don a jefa tambari. Waɗannan suna ƙawata takardar gabatarwa, amma ba sa gaya wa kowa komai game da shagon da ake magana a kansa. Sai kuma wanda aka gina a kan hoton ainihin wurin, da awonsa, da wayoyin lantarkin da suka gitta ta gabansa, da allunan maƙwabta. Na biyun ne kaɗai za a iya yanke shawarar kashe kuɗi a kansa, kuma gaskiyarsa ta rataya ne a kan abubuwa uku: daga ina ake kallon allon, wane haske ke faɗa masa, da me aka yi shi.

Domin bayanin ya zauna a kan abu guda, a ɗauki misalin wani sabon gidan burodi a ƙasan bene a Kano, a gefen titi mai hannu biyu. Ƙofarsa tana kallon kudu. Gurbin da ke saman ƙofa yana da faɗin mita 3.6 da tsayin santimita 80, kuma barandar bene ta fito mita ɗaya a samansa. Sunan kamfanin haruffa takwas ne, kuma ana so wanda yake tsallaken titi, nisan mita 30, ya iya karantawa.

Mahanga

Komai yana ƙanƙancewa a ido gwargwadon nisansa, kuma layuka biyu da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa a zahiri suna bayyana kamar za su haɗu a can nesa. Masu zanen Italiya ne suka mayar da wannan ƙa'ida ta lissafi: Filippo Brunelleschi ya gwada ta a Florence a farkon ƙarni na 15, Leon Battista Alberti kuma ya rubuta ta a littafinsa na zane a shekarar 1435. Abin da mai haɗa hoton gwaji yake buƙata daga cikinta kaɗan ne. Idan aka ɗauki hoton shago daga gefe, layin saman ƙofa, da na ƙasan baranda, da na dakalin ƙasa, duk suna karkata zuwa wuri guda, kuma wurin yana kan daidai tsayin kyamarar daga ƙasa. Gefen allon na sama da na ƙasa dole su ma su nufi wannan mahaɗa. Idan suka kauce ko da kaɗan, mai kallo zai ji cewa allon yana shawagi a kan hoton, ko da bai iya faɗin dalili ba. Hanyar dubawa mai sauƙi ce: a ja layuka daga gefunan ginin da na allon, a tsawaita su, a ga ko sun haɗu.

Saboda haka aikin yana farawa ne tun daga ɗaukar hoto. Ana riƙe kyamara a tsayin idon mutum, wajen mita 1.5 zuwa 1.6, a tsaye sosai ba tare da ɗaga bakinta sama ba. Wanda ya tsaya dab da shago ya ɗaga waya don ya kama allon zai ga bangon ya tsuke ta sama, kamar ginin zai faɗi ta baya. Idon kyamarar waya mai faɗi, wanda ake danna 0.5x a samu, ya fi ɓata lamarin, don yana miƙe duk abin da ke gefen hoto. Gara a ja da baya zuwa tsallaken titi a yi amfani da 2x ko 3x. Kafin a ɗauka, ana jingina sanda mai tsayin mita ɗaya cif a jikin bangon, ko a auna tsayin ƙofa a rubuta. Wannan awo shi ne zai hana kuskuren da ya fi kowanne yawa a wannan sana'a, wato zana allo a hoto da girman da ba zai shiga gurbin ba, ko haruffan da suka ninka abin da aka biya kuɗinsa.

A manhajar Photoshop ana mayar da zanen Smart Object, sannan a ja kusurwoyinsa huɗu da Distort ko Perspective Warp har su zauna a kusurwoyin gurbin. Amfanin haka shi ne ana iya sauya zanen daga baya ba tare da an sake daidaita shi ba. CorelDRAW, wadda ta fi yawa a shagunan buga takardu na Nijeriya, tana da Add Perspective, GIMP kuma tana da nata kayan aikin iri ɗaya kyauta. Akwai wata ƴar dabara da ta girmi duk waɗannan manhajoji. Tsakiyar allon da ake gani daga gefe ba ta kan rabin faɗinsa a hoto, domin rabin da ke kusa da mai kallo ya fi bayyana da girma. Idan aka ja layi daga kowace kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, inda layukan biyu suka gitta nan ne tsakiya ta gaskiya, kuma nan tambarin da aka ce a sa a tsakiya zai zauna.

Hoto ɗaya ba ya isa, kuma wanda masu zane suka fi so, na tsaye daidai gaban shago, shi ne mafi ƙarancin amfani, don mutane kaɗan ne suke fara ganin shago ta nan. Yawanci suna tahowa ne ta gefe. Allon da aka kalla daga kusurwar digiri 45 yana bayyana da kashi 71 cikin ɗari na faɗinsa. A digiri 60 rabi ne ya rage, wato allon gidan burodin mai mita 3.6 ya koma kamar mai mita 1.8, alhali tsayinsa bai sauya ba. Mai tafiya a ƙasa a gefen shagon, wanda yake ganinsa daga wajen digiri 75, kashi ɗaya cikin huɗu kawai yake samu, haruffan sun cunkushe sun zama sanduna. Rubutu mai siririn jiki da matsattsun haruffa shi ne farkon mutuwa a wannan gwaji. Wannan ne dalilin da ya sa ake ƙara ƙaramin allo da ke fitowa daga bango yana fuskantar masu tahowa, irin wanda ake gani a shagunan magani. Hoton gwaji na kirki yana nuna wurin daga tsallaken titi, daga hannun da motoci ke tahowa, da kuma daga inda mai tafiya a ƙasa yake.

Girman harafi yana da ma'auni da masu wannan sana'a suka daɗe suna aiki da shi: inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisa, idan ana so a karanta cikin sauƙi. Wato santimita ɗaya ga kowace mita 1.2. Ana iya gane harafi har ninki uku na wannan nisa, amma nan ne iyaka, kuma sai da ido mai lafiya da haske mai kyau. Ga gidan burodin, mita 30 na buƙatar haruffa masu tsayin santimita 25. Haruffa takwas masu wannan tsayi, da tazarar da ke tsakaninsu, za su ci kusan mita 1.8, don haka akwai wurin tambari a gefe. Lambar waya da aka rubuta da haruffan santimita 6 kuwa ta wanda ya riga ya iso bakin ƙofa ce. Ana iya gwada wannan ba tare da an fita waje ba. Allo mai faɗin mita 3.6 a nisan mita 30 daidai yake a ido da hoto mai faɗin santimita 6 da aka riƙe a nisan rabin mita. A rage zanen zuwa wannan girma a duba. Abin da bai karantu a nan ba, ba zai karantu a titi ba.

Idan sunan na Hausa ne mai ƙ, ɗ ko ɓ, akwai ƙarin abin lura. Yawancin salon rubutun da ke cikin kwamfuta ba su da waɗannan haruffa, sai manhajar ta aro su daga wani salo dabam, harafi ɗaya ya fita daban da ƴan'uwansa. Kuma lanƙwasar ƙarama ce, ita ce ke fara ɓacewa daga nesa, ita ce kuma ke saurin karyewa idan an yanka harafin daga roba. Ana ɗan ƙara mata kauri tun a zane.

Hasken rana

Fuskar kwamfuta tana fitar da haske daga cikinta, allon shago kuwa da rana yana mayar da hasken da ya faɗa masa ne kawai. Wannan bambanci shi ne asalin yawancin rigingimu tsakanin mai zane da mai shago. Launin da aka gani a RGB, musamman shuɗi mai ƙarfi, kore mai haske da ruwan lemo, ba duka ne tawadar CMYK take iya fitarwa ba, sai a buga su fito a dushe. Maganin wannan ba ya cikin hoton gwaji. Ana buga ɗan yanki a kan ainihin kayan da za a yi amfani da shi, a kai shi wurin, a duba a rana da kuma a inuwa.

Abin da hoton gwaji zai iya nunawa shi ne inda rana take da inda inuwa ke faɗawa, kuma a nan ne hotunan da aka sauke daga ƙasashen sanyi suke yaudara. A Turai rana ba ta taɓa hawa tsakiyar kai, kuma da tsakar rana kullum tana kudu. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Sakkwato da Damagaram da Yamai sun ɗan ɗara haka kaɗan. A Kano rana tana tsayawa daidai tsakiyar kai sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta, kuma tsakanin waɗannan lokuta biyu tana ratsawa ta arewa. A watan Disamba ne take yin ƙasa sosai, ta tsaya a wajen digiri 55 ta kudu da tsakar rana. A ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba tana kan digiri 78.

Ga abin da wannan ke nufi ga gidan burodin. Barandar da ta fito mita ɗaya tana jefa inuwa mai tsawon kusan mita 1.4 a bangon da tsakar ranar Disamba, kuma wannan ita ce inuwarta mafi gajarta ta tsakar rana a duk shekara. A Maris inuwar tana kai wa mita 4.7, wato har ƙasa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta kuwa rana ba ta taɓa wannan bango da tsakar rana sam. Ke nan allon da aka manna a ƙarƙashin barandar yana cikin inuwa kusan duk yini, duk shekara, in ban da sassafe da yammacin watannin hunturu. Mai zanen da ya nuna shi yana ƙyalli a rana ya nuna abin da ba zai faru ba. Idan launin kamfanin ruwan ƙasa ne mai duhu da rubutu ruwan zinare, haɗin da masu gidajen burodi suke so ƙwarai, to daga tsallaken titi, inda idon mai kallo ya riga ya saba da hasken kwalta da farin bangon bene, allon zai zama baƙin gurbi kawai. Zaɓin da ya rage shi ne a juya launukan, bango mai haske da rubutu mai duhu, ko a sa wa allon fitila har da rana, ko kuma a ɗauke shi gaba ɗaya a mayar da shi fuskar barandar inda babu abin da ya rufe shi.

A fuskar barandar kuma wata matsala ce ke jira. Haruffa masu tudu suna jefa tasu inuwar a kan allon. Harafin da ya fito santimita 5 yana yin inuwar santimita 7 a Disamba, abin da ke ƙara masa kyau da fitowa. A Maris inuwar tana kai wa santimita 23, kusan tsawon harafin kansa, ta cika cikin haruffa irin su a da e, ta kuma rufe ƙaramin rubutun da ke ƙasa. Rage kaurin zuwa santimita 2 yana mayar da ita wajen santimita 9. Inuwar da manhaja take sakawa da kanta, mai laushi da ke faɗawa gefe ɗaya, ba ta nuna wannan. Ana zana ta ne da hannu, a bi alkiblar sauran inuwoyin da ke cikin hoton, na sandar lantarki ko na babur ɗin da aka ajiye a ƙofa. Inuwar allo da ta nufi dama alhali ta sandar ta nufi hagu ita ce alamar farko ta aikin gaggawa. Manhajojin gini irin su SketchUp suna karɓar sunan gari da kwanan wata da sa'a, su jefa inuwar daidai, kuma ga aiki mai tsada ya kamata a yi hakan.

Shagunan da ke kallon gabas ko yamma lissafinsu ya bambanta. Mai kallon yamma yana cikin inuwa da safe, daga azahar kuma rana ta buge shi a fuska har faɗuwarta, a lokacin da ta fi zafi. Launinsa ne ke fara koɗewa, kuma duk abu mai sheƙi a jikinsa yana mayar da hasken cikin idon masu wucewa.

Hasken kansa yana da launi. Na tsakar rana fari ne, na inuwa yana jan shuɗi saboda daga sararin sama yake zuwa, na la'asar kuma yana jan ja. Farin allo a inuwa ba ya fita fari tas a hoto, don haka ana rage hasken zanen a kuma ɗan sauya launinsa har ya dace da bangon da ke kewaye da shi. Hanyar da aka saba ita ce a kwafi inuwoyin ainihin bangon a ɗora su a kan zanen da Multiply. Lokacin hunturu hazo yana cinye inuwa, ya rage bambancin launuka daga nesa, ƙura kuma ta kwanta a saman kowane harafi mai tudu, ruwan farko na damina ya wanko ta ya bar zirin datti a jikin allon. Baƙin allo mai sheƙi ya fi kowanne nuna ƙura. Mai zane mai gaskiya yana haɗa hoto ɗaya na irin wannan yanayi, ko da ba shi ne zai burge mai shago ba.

Kayan haɗi

Kowane kaya yana da yadda yake karɓar haske, kuma hoton gwaji da ya nuna su duka a matsayin shimfiɗaɗɗen launi bai yi aikinsa ba.

Fileks, wato ledar da ake bugawa a ɗaure a jikin firam na ƙarfe, ita ce mafi araha kuma mafi yawa a titunan Nijeriya da Nijar. Ana sayar da ita da nauyinta, kamar giram 340 ko 440 a kowace murabba'in mita, kuma mai nauyin ta fi juriya. Iri biyu ce: wadda ake haskawa ta gaba, da wadda aka yi don haske ya ratso ta daga baya. A hoto ana nuna ta da ɗan sheƙi kaɗan, da gefen firam, da ƴar tattara a kusurwoyi, don ba ta taɓa miƙewa kamar gilashi. Zafi yana sa ta saki, kuma a rana mai ƙarfi ja da rawaya sukan riga sauran launuka koɗewa. Kamfanin da duk martabarsa ta rataya a kan jan launi ya kamata ya san cewa zai riƙa sake bugawa.

Alukobon faranti ne na alminiyum biyu sirara da roba a tsakani, mai kaurin milimita 3 ko 4. Shi ne ake rufe goshin bankuna da gidajen mai da shi. Yana zuwa a faranti mai mita 1.22 da 2.44, kuma wannan awo yana da tasiri a zane kai tsaye. Allon gidan burodin mai mita 3.6 ba zai fito daga faranti ɗaya ba, dole a sami mahaɗi. Idan ba a nuna mahaɗin a hoton gwaji ba, mai haɗa allo zai sa shi inda ya fi masa sauƙi, wataƙila ta tsakiyar tambari. Idan aka nuna, ana iya raba allon gida uku na mita 1.2 kowanne, ko a tura mahaɗin tsakanin tambari da suna. Alukobon mai sheƙi yana ɗaukar hoton sararin sama da na ginin da ke tsallake, marar sheƙi kuwa yana riƙe launinsa ta kowace kusurwa, shi ya sa ya fi dacewa da shagon da ke kallon yamma.

Akirilik roba ce mai kama da gilashi, da ita ake yanka haruffa da fuskokin akwatunan fitila. Tana buɗewa da zafi fiye da ƙarfe nesa ba kusa ba, kusan milimita 0.07 a kowace mita ga kowane digiri ɗaya. Faranti mai mita 2.4 da ya tashi daga sanyin asubar hunturu zuwa zafin rana, bambancin digiri 30, zai ƙaru da milimita 5. Idan aka ɗaure shi tam da kusoshi ba a bar masa wurin motsi ba, zai kumbura ko ya tsage daga ramin kusa. Saboda haka fuskar akirilik tana zama ne a cikin firam mai baki, kuma wannan bakin yana cin santimita biyu ko uku a kowane gefe, abin da ya kamata a gani a hoton. Haruffan bakin ƙarfe mai ƙyalli suna da kyau a kusa, amma ba su da launin kansu, sai na abin da ke gabansu. Daga wata kusurwa su yi fari, daga wata su yi baƙi, wani lokaci su saje da bango. Fenti a kan bango ko a kan farantin ƙarfe, aikin masu rubutun hannu, ba ya sheƙi, yana bin ƙurajen siminti, kuma a wurin da rana ta yi yawa yakan fi kayan zamani da dama karantuwa.

Allon da ke da fitila yana buƙatar hoton dare na musamman, wanda aka gina a kan hoton da aka ɗauka bayan magariba, ba na rana da aka duhunta ba. Fitilun LED, waɗanda yawanci suke aiki da bolt 12, ana jera su a cikin akwati ko a cikin kowane harafi. Idan akwatin bai da zurfi, ko an yi rowar fitilun, sai a riƙa ganin ɗigo-ɗigon haske a fuskar allon. Fari da rawaya suna barin haske ya wuce sosai, shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa suna tare shi, don haka tambarin da launukansa suka daidaita da rana yana iya rabuwa da dare, wani sashe ya yi ƙarfi wani ya ɓace. Farin harafi mai haske a kan baƙin bango yana kumbura a ido, ya cika tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi, shi ya sa ake ƙara tazara a rage kaurin jiki. Akwai kuma hoto na uku da wurin da wuta ba ta tsayawa yake buƙata: allon da dare, fitilarsa a kashe, sai hasken motoci da na maƙwabcin da ya tayar da janareto.

Babban allon bakin titi

Duk ƙa'idojin nan suna aiki a kan babban allon talla, sai dai an ƙara gudu. Girman da aka fi sani shi ne mai faɗin kusan mita 6 da tsayin mita 3, akwai kuma manya da ake ɗorawa a kan doguwar sanda guda. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya fara iya karanta allon daga mita 100, kuma ya fita daga gabansa a mita 20 na ƙarshe, daƙiƙa biyar ce duk rabonsa, kuma yawancinta idonsa na kan hanya. Daga nan aka samo al'adar taƙaita rubutu zuwa kalmomi shida ko bakwai. Harafin da za a karanta cikin sauƙi daga mita 100 yana bukatar tsayin wajen santimita 80, na santimita 28 kuwa da ƙyar za a gane shi. Ga sabon kamfani, sunan ne ya cancanci babban girman, ba taken talla ba. Gwajin ragewa ya fi tsanani a nan: allon mita 6 a nisan mita 100 daidai yake da hoto mai faɗin santimita 3 a nisan rabin mita, kamar kan sarkin da ake manna wa wasiƙa.

Hoton wurin ana ɗaukarsa ne daga hannun da motocin ke bi, a tsayin idon wanda ke zaune a mota, wajen mita 1.2, daga nisa biyu ko uku. Haka ne kawai za a ga bishiyar da ta rufe kusurwa, ko gadar da ke ɓoye allon har sai an matso. Bayan allon yawanci sararin sama ne, don haka zane mai farin bango ko shuɗi mai haske yana narkewa a cikinsa, musamman a hazo. Alkibla ma tana da nata hukunci: allon da ke kallon gabas masu tafiya yamma ne ke karanta shi, kuma da la'asar rana tana bayansa tana dukan idonsu, fuskarsa ta koma duhu a daidai lokacin tashi daga aiki.

Akwai abubuwan da hoton gwaji ba ya iya nunawa ko kaɗan. Iskar farkon damina mai gudun mita 30 a daƙiƙa tana danna allon mita 6 da 3 da ƙarfin da ya kai nauyin kusan tan ɗaya, kuma lissafin ƙarfe da tushen da za su ɗauki wannan aikin injiniya ne. Izini ma daban yake. A Nijeriya hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, ita ce ke tantance abin da talla ta ƙunsa, hukumomin jihohi kuma, irin su LASAA a Legas, su ne ke ba da izinin kafa allon a wurin. Saboda haka hoton gwaji yana tafiya ne tare da zane na biyu, shimfiɗaɗɗe marar ado, wanda aka rubuta masa faɗi da tsayi, girman kowane harafi, sunan kaya da kaurinsa, lambar launi, da inda mahaɗi da kusoshi za su zauna. A kan wannan zanen na biyu mai haɗa allo yake yin farashi, kuma da shi ake auna aikin ranar da aka kawo shi.